Tambayoyi da Amsoshi Kan Fassara Laccar Ilimin Zafi da Makamashi ga Ɗaliban Injiniyanci

Waɗannan tambayoyi sun shafi aikin mai fassara wanda aka damƙa wa laccar jami'a a kan ilimin zafi da makamashi, wato fannin da ke bayanin yadda zafi ke tafiya daga wani abu zuwa wani, da yadda inji ke mayar da shi aiki, da iyakar abin da inji zai iya fitarwa. Masu sauraron irin wannan lacca ɗalibai ne da za su yi lissafi da abin da suka ji, saboda haka fassarar da ta yi daɗi a kunne amma ta kai ɗalibi ga amsar da ba daidai ba, ba ta biya buƙata ba.

Ta ina ya kamata mai fassara ya fara?

Ya fara da sauraron laccar ko karanta ta tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya fassara ko jimla ɗaya ba, sannan ya nemi duk abin da malamin ya rubuta a allo ko ya nuna a majigi. Daga nan sai ya ware takarda guda ya jera kowace alama da ta bayyana a cikin lissafin, kamar Q da T da W da U, ya rubuta ma'aunin kowace a gefenta: wannan da jul ake auna ta, wannan da kelbin, wancan da wat. Sai bayan ya gama wannan ne zai zaɓa wa kowace alama kalmar Hausa guda ɗaya, ya riƙe ta har ƙarshen aikin.

Dalilin farawa da ma'auni shi ne, shi ne yake tona asirin kalma. Idan abubuwa biyu ba da ma'auni ɗaya ake auna su ba, to ba abu ɗaya ba ne, ko da kuwa a maganar yau da kullum suna ɗaya muke kiransu. A adabi, maimaita kalma ɗaya sau da yawa aibi ne, kuma mai fassara ya saba da neman wata mai kama da ita don ƙawata zance. A laccar injiniyanci wannan ɗabi'a tana ɓarna, domin ɗalibin da ya ji sabuwar kalma zai ɗauka sabon abu ne aka kawo.

Me ya sa kalmar "zafi" ita kaɗai ba za ta wadatar ba?

Nan ne babbar matsalar take, kuma yawancin sauran matsalolin daga nan suke tasowa. A Hausa muna cewa ruwa ya yi zafi, muna cewa zafin wuta ya shiga ruwa, muna kuma cewa ƙarfe yana riƙe zafi. A wajen injiniya waɗannan abubuwa uku ne mabambanta. Na farko shi ne T, wato matakin da zafin abu ya kai, wanda ake karantawa a jikin na'urar awon zafi da digiri ko da kelbin. Na biyu shi ne Q, wato makamashin da ya ƙetara daga abu mai babban T zuwa abu mai ƙaramin T, kuma da jul ake auna shi. Na uku shi ne U, wato makamashin da ke ƙunshe a cikin abin kansa. Ni ina ganin ya fi dacewa a kira T "matakin zafi", a kira Q "makamashin zafi", a kira U "makamashin ciki", kuma kada a bar kalmar "zafi" ta tsaya ita kaɗai a duk jimlar da ta shafi lissafi.

Ga misalin da zai nuna dalili. A ce an ɗora ruwa kilo ɗaya a kan wuta yana kan digiri 20 na salshiyos. Kowane kilo na ruwa yana buƙatar kimanin kilojul 4.18 kafin matakin zafinsa ya ɗaga da digiri ɗaya, saboda haka kai shi digiri 100 zai ci kimanin kilojul 334. A wannan zango Q yana shiga, T kuma yana hawa, don haka ko an kira su da suna ɗaya ba lallai ne a lura da kuskuren ba. To amma da zarar ruwan ya fara tafasa a ƙarƙashin matsin iska na yau da kullum, sai T ya tsaya cak a kan digiri 100, alhali kuwa sai an ƙara zuba masa kimanin kilojul 2257 kafin kilon nan ɗaya ya koma tururi gaba ɗaya. Makamashin da aka kashe wajen mayar da shi tururi ya kusa ninka na ɗumama shi sau bakwai, amma na'urar awo ba ta motsa ba.

Mai fassarar da bai raba kalmomin ba zai rubuta cewa ana ƙara wa ruwan zafi amma zafinsa ba ya ƙaruwa, ɗalibi kuma ya karanta ya rasa inda zancen ya dosa. Wanda ya raba su zai rubuta cewa makamashin zafi yana ci gaba da shiga ruwan, amma matakin zafinsa ba ya hawa, domin makamashin yana tafiya ne wajen raba ƙwayoyin ruwan da juna. Wannan jimla ta biyu ta fi tsawo, amma ɗalibi zai iya yin lissafi da ita.

Akwai kuma wani abin lura. Ba a cewa abu yana "ɗauke da" Q a cikinsa, domin Q suna ne na makamashi a lokacin da yake ƙetara iyaka, kamar yadda ake kiran ruwan sama da sunansa lokacin da yake sauka, amma da ya shiga tafki sai ya zama ruwan tafki kawai. Idan malamin ya yi sako-sako da harshe ya ce tururi yana da zafi mai yawa a cikinsa, mai fassara ya duba allo ya ga ko U ake nufi.

Shin za a mayar da alamomin lissafi da gajerun sunayen ma'auni zuwa Hausa?

A'a. Q da T da W da η, da gajerun sunaye irin su J da K da kW, a bar su yadda suke, domin da su ɗalibi zai ci karo a littattafai da jikin injuna da takardar jarrabawa. Ƙananan haruffan da ke rataye a gindin alama su ma a bar su, sai dai a yi bayaninsu sau ɗaya a farkon bayyanarsu: T_H shi ne matakin zafi na ɓangare mai zafi, T_C kuma na ɓangare mai sanyi. A kula da babban baƙi da ƙarami, domin K kelbin ne, k kuwa a lissafin ratsawar zafi wata aba ce dabam.

A dokar farko ta wannan fanni, wadda ke haɗa Q da W da U, wani littafi yana rubuta ragi, wani yana rubuta ƙari. Wanne za a bi?

A bi na malamin da ake fassara laccarsa, a kuma fayyace shi da kalmomi tun daga farko. Yawancin littattafan injiniyanci suna rubuta dokar kamar haka:

```
ΔU = Q − W
```

A nan ΔU canjin makamashin ciki ne, W kuma aikin da gas ɗin ya yi ne a kan abin da ke kewaye da shi, misali lokacin da ya tura fistin. Littattafan kimiyyar sinadarai da dama kuwa suna rubuta ΔU = Q + W, inda W yake nufin aikin da aka yi a kan gas ɗin. Duka biyun daidai ne, matuƙar ba a gauraya su ba. Idan jul 500 na makamashin zafi ya shiga gas, shi kuma ya yi aikin jul 200 wajen tura fistin, makamashin cikinsa ya ƙaru da jul 300. Ɗalibin da aka ba shi lissafi mai ƙari tare da bayanin da ya dace da mai ragi zai fito da 700.

Hausa tana da sauƙin bambanta waɗannan idan mai fassara bai yi gaggawa ba: "aikin da gas ya yi" dabam, "aikin da aka yi wa gas" dabam. Abin gudu shi ne "aikin gas" ko "aikin da aka yi", waɗanda ba sa nuna wa ya yi wa wa.

Yaya za a fassara abin da ake nunawa da alamar η? Ba "inganci" ba ne?

"Inganci" ita ce kalmar da ke fara zuwa baki, amma tana jan tunanin mai sauraro zuwa ga ƙarko da kyawun ƙira. Inji yana iya zama mai ƙarko ya yi shekara talatin yana aiki, alhali η ɗinsa ƙarami ne. Abin da η yake nufi rabo ne tsakanin abin da aka samu da abin da aka kashe, ba shi da ma'auni, kuma a injin zafi ba ya kaiwa ɗaya:

```
η = W / Q_H
```

Saboda haka na fi son "kason amfani", wato kaso nawa na makamashin zafin da aka zuba ya koma aiki. Wanda ya zaɓi ya riƙe "inganci" saboda ɗalibai sun saba da ita, to ya ɗaure ta da wannan lissafi a farkon amfani da ita, kuma kada ya sake amfani da ita da ma'anarta ta kasuwa a cikin laccar.

A shekarar 1824 injiniyan nan na Faransa, Sadi Carnot, ya nuna cewa akwai iyakar da babu injin zafin da zai wuce, kuma matakan zafi biyu da injin ke aiki a tsakaninsu su kaɗai ke yanke ta. A yadda ake rubuta ta yau:

```
η_max = 1 − T_C / T_H
```

Mu ɗauki injin da ke karɓar makamashin zafi a digiri 227 na salshiyos, yana zubar da ragowar a digiri 27. Dole ne a mayar da su kelbin tukuna ta hanyar ƙara 273, sai su zama 500 K da 300 K. Idan aka raba 300 da 500 za a sami 0.6, a cire shi daga ɗaya ya rage 0.4, wato kashi 40 cikin ɗari. Ma'ana, idan aka zuba kilojul 1000, mafi yawan aikin da za a taɓa samu shi ne kilojul 400, kuma tilas kilojul 600 su fita ta ɓangaren sanyi. Ɗalibin da ya saka 27 da 227 kai tsaye zai sami kimanin kashi 88 cikin ɗari, amsar da ta ninka ta gaskiya fiye da sau biyu. Sau da yawa tushen wannan kuskure yana cikin fassara: malamin ya faɗi kalmar da ke nuna cewa matakin zafi na kelbin ake nufi, wanda ke farawa daga sifili na asali, mai fassara kuma ya ɗauke ta a matsayin ƙarin kwalliya ya tsallake ta. Duk inda T ya shiga rabawa ko ninkawa, a rubuta "matakin zafi da kelbin" a fili, ko da malamin sau ɗaya ya faɗa.

Sannan a yi hattara da kalmar "asara". Kilojul 600 ɗin nan ba su ɓace ba, kuma ba laifin maƙerin injin ba ne. Doka ta biyu ta wannan fanni ce ta wajabta fitarsu. Idan injin na zahiri ya ba da kilojul 300 maimakon 400, to kason amfaninsa kashi 30 ne, kuma gibin kilojul 100 ɗin shi ne wanda gogayya da yoyon zafi da makamantansu suka ci, shi ne kuma injiniya zai iya ragewa. Kiran duka biyun "asara" yana sa ɗalibi ya yi zaton da a ce an ƙera inji da kyau zai kai kashi ɗari, wanda shi ne ainihin abin da laccar ta zo ta rushe. Ya fi kyau a ce "makamashin da aka fitar" ga na farko, a keɓe "asara" ga na biyu.

To me ya sa a darasin tafiyar zafi malamin yake amfani da salshiyos ba tare da ya mayar da shi kelbin ba? Kuskure ya yi?

Ba lallai ba ne, kuma bai kamata mai fassara ya yi saurin gyara masa ba. Makamashin zafi yana tafiya ta hanyoyi uku: yana ratsa jikin abu daga ƙwaya zuwa ƙwaya, iska ko ruwa mai motsi yana kwasarsa ya kai shi wani wuri, yana kuma fita a matsayin haske, ko da wanda ido ba ya gani, ba tare da buƙatar wani abu a tsakani ba. A hanyoyi biyun farko tazarar matakan zafi ake amfani da ita, tazarar digiri ɗaya na salshiyos kuwa daidai take da tazarar kelbin ɗaya.

Dokar ratsawa, wadda ake jingina wa Joseph Fourier da aikinsa na shekarar 1822, ga bango mai faɗi tana cewa:

```
Q̇ = k A ΔT / L
```

A ce bangon bulo ne mai kaurin mita 0.2, faɗin fuskarsa murabba'in mita 10, k ɗinsa, wato sauƙin da makamashin zafi ke ratsa bulo, 0.7 W/m·K, fuska ɗaya tana kan digiri 40, ɗayar tana kan 25. Tazarar 15 ce, ko da salshiyos ko da kelbin. A ninka 0.7 da 10 da 15 a sami 105, a raba da 0.2 a sami wat 525.

A lura da ɗigon da ke saman harafin Q. Ɗigo ne ƙarami wanda yakan ɓace wajen buga rubutu ko kwafe allo, amma shi ke nuna cewa ana maganar sauri ne, wato jul nawa a kowace daƙiƙa. Wat 525 na nufin jul 525 a daƙiƙa ɗaya, a awa guda kuma kilojul 1890 ne za su ratsa bangon. Don haka Q mai ɗigo "saurin tafiyar makamashin zafi" ne, ba "makamashin zafi" kawai ba. Haka nan kalmar "ƙarfi", wadda ake yawan ɗora wa abin da ake aunawa da wat da kuma abin da ake aunawa da niyuton, tana buƙatar irin wannan rabewa.

A hanya ta uku lamarin ya sauya. Makamashin da jiki ke fitarwa ta haske yana tafiya ne daidai da T da aka ninka da kansa sau huɗu, don haka kelbin ya zama dole. Ƙarfen da aka ɗaga daga digiri 100 zuwa 200 na salshiyos, wanda bai sani ba zai ce matakin zafinsa ya ninka biyu, abin da yake fitarwa kuma ya ninka sau 16. Da kelbin kuwa daga 373 ne zuwa 473, kuma ƙaruwar ba ta wuce kimanin ninki 2.6 ba. Saboda haka jimla irin "idan zafi ya ninka biyu" ba ta da gurbi a fassarar sai an faɗi da wane ma'auni.

Malamin ya ce na firiji yana kaiwa uku ko huɗu. Ta yaya kason amfani zai wuce ɗaya?

Ba kason amfani ba ne, shi ya sa aka ba shi suna dabam, wanda ake gajartawa COP. Firiji ba ya mayar da zafi aiki. Yana cin aiki ne don ya kwashe makamashin zafi daga wuri mai sanyi ya kai shi wuri mai ɗumi. Idan ya ci jul 100 na lantarki ya kwashe jul 300 daga cikinsa, COP ɗinsa 3 ne, kuma jul 400 ne za su fito ta bayansa, babu abin da aka ƙirƙira daga babu. A bar gajartawar yadda take, a bayyana ta da "rabon abin da aka kwashe da aikin da aka ci", kuma kada a rubuta ta da kashi cikin ɗari.

Entirofi fa, a aro kalmar ko a ce "hargitsi"?

A aro ta. Rudolf Clausius ne ya ƙirƙiro sunan a shekarar 1865 daga harshen Girka, kuma harsuna da yawa aronsa suka yi. "Hargitsi" ko "rashin tsari" kwatanci ne da malamai ke amfani da shi, kuma idan malamin ya kawo shi sai a fassara shi a matsayinsa na kwatanci, amma ba ya zama suna, domin ba wanda zai iya auna hargitsi da kilojul bisa kelbin.

Abin da ya fi taimakon ɗalibi shi ne ya ga entirofi yana aiki a cikin misalin da ya riga ya sani. A injin da muka lissafa, ɓangare mai zafi ya ba da kilojul 1000 a 500 K, kuma da yake canjin entirofi shi ne Q a raba da T, entirofinsa ya ragu da 2 kJ/K. A injin Carnot, wato wanda ya kai iyakar nan, ɓangare mai sanyi ya karɓi kilojul 600 a 300 K, nasa ya ƙaru da 2 kJ/K, jimilla babu ƙari babu ragi. A injin na zahiri mai ba da aikin kilojul 300 kuwa, kilojul 700 ne suka fita, kuma 700 a raba da 300 ya ba da kimanin 2.33, wato an sami ƙarin 0.33 kJ/K. Idan fassarar ta riƙe lambobin nan daidai tun daga darasin kason amfani har zuwa nan, ɗalibi zai gane cewa magana ɗaya ake yi ta fuska biyu.

Me za a yi da maganganun baki irin su "wannan ya tafi nan", ko kuma idan malamin ya yi tuntuɓen harshe?

Mai lacca yana magana hannunsa na kan allo, don haka "wannan" da "can" suna da ma'ana ga wanda ke cikin aji. A rubuce ko a fassarar murya, sai a maye gurbinsu da sunan abin: "Q_H yana shiga injin, Q_C yana fita". Idan babu hoton allon, a tambayi malamin, kada a yi hasashe.

Tuntuɓen harshe kuwa iri biyu ne. Idan bakinsa ya ce 300 alhali ya rubuta 500, kuma lissafin da ya biyo baya da 500 ya tafi, sai a rubuta 500 a sanar da shi. Idan kuwa kuskuren ya shiga cikin lissafin har ya taɓa amsa, wannan ba hurumin mai fassara ba ne ya gyara shi a ɓoye. Ya mayar wa malamin ya yanke hukunci, domin shi zai tsaya a gaban ɗalibai ranar jarrabawa.

Ta yaya za a gane ko fassarar ta yi?

A ba ɗaliban da ba su ji laccar ta asali ba fassarar ita kaɗai, tare da tambayoyi kaɗan na lissafi, sannan a duba irin kurakuran da suka yi, domin kowane kuskure yana nuna wurin da ya fito. Wanda ya sami kashi 88 a injin da ke tsakanin digiri 227 da 27, zancen kelbin bai fito fili ba. Wanda ya sami jul 700 a maimakon 300, jimlar da ta bayyana W ce ke da gyara. Wanda ya ba da amsar bangon bulo da jul a maimakon wat, ɗigon saman Q ya faɗi a hanya ko kuma ba a fassara shi ba. Wanda ya ce matakin zafin ruwa mai tafasa zai ci gaba da hawa muddin wuta na ci, a koma a binciki duk inda kalmar "zafi" ta tsaya ita kaɗai a cikin rubutun, a duba ko Q ake nufi ko T, a rubuta cikakken sunansa.